Yadda ake lissafin tankin ruwan zafi da bututun dawowa na ginin kwanciya a asibiti

In aka kira ni duba ruwan zafi a asibiti, ba tanki nake fara kallo ba. Bututun da yake dawo da ruwa daga ɗakunan kwanciya zuwa tanki nake nema, in manna masa ma'aunin zafi. In ya nuna digiri 55 ko sama, hankalina ya ɗan kwanta, in kuwa na ga 42 ko 45 to na san akwai aiki, ko da tankin yana nuna 60 cif kuma kowa a ginin yana cewa ai ruwa na zuwa da zafi. Duk lissafin da zan kawo a nan a kan wannan bututun yake ƙarewa.

Dalilin shi ne ƙwayar cutar lijonela. A ruwa take rayuwa, tana hayayyafa tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta fi jin daɗi a wajen 37, wato zafin jikin mutum. Ba shan ruwan ne babban haɗarin ba, shaƙar feshinsa ne, irin wanda shawa take yi, sai ya shiga huhu ya zama ciwon huhu mai tsanani. An gano ta ne bayan ɓarkewar da ta yi a 1976 a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka wajen taron tsofaffin sojoji, mutum sama da 200 suka kamu, wajen 30 suka rasu. Waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ka ga kenan mutanen da suke kwance a gadon asibiti ne sak.

Zafi yana kashe ta amma da sharaɗi. A digiri 50 sai an yi kamar awa 2 kafin kashi 90 cikin 100 su mutu, a digiri 60 kuwa kamar minti 2 ya isa. Shi ya sa ƙa'idar asibitocin Birtaniya, HTM 04-01, wadda injiniyoyinmu da yawa suke aiki da ita, ta tsaya a kan cewa a ajiye ruwa a tanki a digiri 60, ya dawo tanki bai gaza 55 ba, kuma in ka buɗe famfo ruwan da ke zuwa masa ya kai 55 cikin minti 1. Riƙe waɗannan ukun. Digiri 5 kacal aka ba ka ka yi asara a duk zagayen ginin.

To mu ɗauki gini mu yi aiki a kansa. Bene ne hawa biyu, gado 30 a ƙasa gado 30 a sama, jimla 60, a gari irin namu na arewa. Shawa 8, kwanon wanke hannu 20, sai manyan wuraren wanke kaya 4 na ɗakin wanke fo da ɗan kicin ɗin ma'aikata.

Matakin farko, nemo awar da aka fi jan ruwa. Kada ka fara da lissafin yini guda. Ana yawan sa lita 100 zuwa 200 ga kowane gado a rana, ni nakan ɗauki 120 ga ginin da ba a wanki ko girki a cikinsa, wato lita 7,200 a nan, amma wannan adadin kuɗin wuta kawai yake gaya maka, ba girman tanki ba. Wanda ya sa tanki mai cin ruwan yini guda ya gina wa lijonela gida ne, domin ruwan zai zauna ƙasansa ya huce. Abin da tanki yake yi shi ne ya ɗauke ka a lokacin cunkoso, kuma a asibitocinmu cunkoson daga bayan sallar asuba ne zuwa kafin likitoci su fara zagaye.

A wannan awar kowace shawa za ta ɗauki kamar mutum 3, wanka 24 kenan. Kowane wanka minti 6 a kan lita 8 a minti, lita 48, gaba ɗaya lita 1,152. Kwanon wanke hannu a ba kowanne lita 15 a awar, 300 kenan. Haɗa su, lita 1,452, amma wannan ruwa ne da aka surka zuwa digiri 41, ba ruwan tanki tsantsa ba. Sai a cire kason ruwan zafin da ke ciki:

```
kaso = (41 - 20) / (60 - 20) = 0.525
1452 x 0.525 = 762 L
```

Na sa ruwan sanyi a digiri 20 saboda da lokacin hunturu ake lissafi, lokacin da ruwa ya fi sanyi kuma kowa yake son wanka da ruwan zafi. Wuraren wanke kaya su ba a surka musu, a ba kowanne lita 50, ƙarin 200, ya zama 962. Daga nan sai abin da littattafan Turai ba su san da shi ba, masu jinya. A wajenmu kusan kowane maras lafiya da ɗan'uwansa a gefen gado, shi ma zai yi wanka ya yi alwala ya tari bokiti ya cika fulas. Nakan ƙara wajen kashi ɗaya cikin huɗu saboda su, sai mu tsaya a lita 1,200. In ginin haihuwa ne ka ƙara fiye da haka, domin maijego da ruwan zafi ba a raba su.

Mataki na biyu, girman tanki da ƙarfin hita. Ba duk ruwan tanki ne kake samu a digiri 60 ba, don ruwan sanyin da ke shigowa ta ƙasa yana gaurayawa da wani sashe. A tanki na tsaye ka ɗauka kashi 80 cikin 100 ne naka. Lita 1,200 a raba da 0.8 ya ba da 1,500. Kada ka sayi guda ɗaya mai 1,500, sayi biyu masu 750, domin dole wata rana a rufe ɗaya a wanke shi kuma asibiti ba ya hutu. Na tsaye ya fi na kwance, ruwan zafi da na sanyi sun fi rabuwa da kyau a cikinsa. Ka tabbata yana da ƙofar da za a buɗe a ga ciki, da bawul na zubar da ruwa a can ƙasansa, ba a gefe ba inda laka za ta kwanta a ƙarƙashi.

Hita kuma, so ake tankin ya koma 60 cikin awa 2 daga sanyi. A lissafin nan dT shi ne bambancin zafi, wato 60 a cire 20, 4.187 kuwa shi ne yawan zafin da ke ɗaga lita 1 na ruwa da digiri 1:

```
kW = L x 4.187 x dT / (3600 x awa)
1500 x 4.187 x 40 / 7200 = 34.9 kW
```

A kan wannan za a ɗora zafin da bututun gini suke zubarwa dare da rana, za mu gan shi yanzu, kilowat 2.5 ne. Ya zama 37.4, sai a sa kilowat 20 a kowane tanki, jimla 40. Gwada ranar da ɗaya yake rufe: lita 600 na ajiya, kuma kilowat 20 yana dafa kamar lita 430 a awa, wajen 1,030 kenan cikin 1,200 da ake so. Za a ɗan ji ƙarancin amma ba za a tsaya ba. Kuma ka gaya wa mai aikin lantarki da wuri, kilowat 40 a layi uku ya kai amfiya 56, ba kaya ba ne da za a ɗora wa janareta daga baya a ce ai hita ce kawai. Kada a manta da tulun faɗaɗa da bawul ɗin sakin matsi, ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 1.5 cikin 100 daga digiri 20 zuwa 60.

Yanzu mataki na uku, wanda ya fi kowanne, wato zagayen. Ruwa yana fita daga saman tanki ya bi babban bututu ya ratsa ginin, a ƙarshen kowane reshe sai ƙaramin bututu ya ɗauko shi ya dawo da shi tanki, ɗan injin tura ruwa yana juya shi ba tsayawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a zaɓi wannan injin da yawan famfunan gini ko da tsayin bene. Babu ruwansa da ko ɗaya. Aikinsa kawai ya kawo sabon zafi daidai da wanda bututu suke zubarwa ta jikinsu, don haka daga tsawon bututu da kaurin rigar hana zubar zafi da aka naɗa musu ake farawa.

A gininmu bututun tafiya ya kai mita 120, yawancinsa jan ƙarfe mai faɗin milimita 35, na dawowa kuma mita 100, daga ciki mita 40 babban layi ne mai milimita 22, sauran 60 rassa huɗu ne masu milimita 15. Da riga mai kaurin milimita 25, ruwa a 60 iska a 20, na tafiya yana zubar da kamar wat 11 a kowace mita, na dawowa kamar wat 8. Wato 1,320 da 800, jimla 2,120. Ƙara kashi 20 cikin 100 saboda bawul da gwiwoyi da maƙalai waɗanda kullum ake bari tsirara, ya zama wajen wat 2,500. Sai a tambaya, ruwa nawa zai zagaya har ya zubar da wannan zafin amma bai faɗi fiye da digiri 5 ba?

```
L/s = kW / (4.187 x dT)
2.5 / (4.187 x 5) = 0.12 L/s = 0.43 m3/h
```

Lita 430 a awa, ɗan kaɗan ne. Amma dubi abin da zai faru in aka cire rigar, ko ɗan kwangila ya sa ta a inda ido yake gani ya bar na cikin silin haka nan. Bututu tsirara yana zubar da kusan ninki huɗu, wajen kilowat 10, kuma injin nan namu mai lita 430 zai dawo da ruwan a digiri arba'in da 'yan kai. Na taɓa shiga silin na wani asibiti na tarar da haka, tanki 60, dawowa 43, aka ce a sayo babban inji, na ce a'a a sayo riga tukuna. Bayan an naɗe bututun ruwan ya haura 55 da tsohon injin nan dai. Don Allah ka hau silin da kanka da tocila kafin a rufe.

Girman bututun dawowa kuma da gudun ruwa ake duba shi. Lita 0.12 a daƙiƙa a cikin milimita 22 yana gudu kamar mita 0.38 a daƙiƙa, ya yi daidai. In ka matse shi a milimita 15 zai haura 0.8, kuma ruwan zafi mai gudu awa 24 a jan ƙarfe yana cin gwiwoyi daga ciki har su fara tsiyaya, don haka ni ba na son ya wuce 0.5 a layin dawowa. In ka yi girma da yawa kuma, ka ƙara wurin zubar da zafi ruwan kuma ya riƙa jan jiki. Rassan huɗu kowanne yana ɗaukar kamar 0.03, milimita 15 ya ishe su. Masu aiki da bututun roba mai tambarin PPR su kula, lambar da ke jikinsa ta waje ce kuma bangonsa kauri gare shi, mai 20 cikinsa bai fi 13 da ɗan wani abu ba, da faɗin ciki ake lissafi, kuma a zaɓi ajin da aka yi don ruwan zafi.

Sai ƙarfin turawar injin. Bi hanya mafi nisa, daga tanki zuwa ƙarshen reshen da ya fi nesa da dawowa. Mita 40 na milimita 22 a kan asarar matsi ta kamar faskal 100 kowace mita, 4,000. Mita 25 na milimita 15 a kan 60, 1,500. Bututun tafiya da yake faɗi gare shi bai wuce 1,000 ba. Jimla 6,500, ƙara rabinsa don gwiwoyi ya kusa 10,000, sai wani 10,000 na bawul ɗin daidaitawa da bawul mai hana ruwa komawa da rariya. Faskal 20,000 shi ne tsayin mita 2 na ruwa. Tsayin bene ba ya shiga, saboda zagaye ne rufaffe, abin da ya hau ta nan yana sauka ta can. Nemi inji mai ba da kamar lita 500 a awa a mita 2.5, jikinsa tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ba baƙin ƙarfe ba. Wutar da yake ci ba ta kai wat 100 ba.

Ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake bi. In ba ka sa bawul ɗin daidaitawa a kowane reshen dawowa ba, reshen da ke kusa da tanki zai kwashe kusan duka ya dawo da zafinsa, ma'aunin da ke ɗakin tanki ya nuna maka 56 ka yi murna, alhali reshen ƙarshe na sama yana zaune a 40. Wannan shi ne mafi haɗari don ba a gani. Yadda ake gyarawa, a rufe duk famfuna a bar inji yana aiki, a buɗe bawul na reshe mafi nisa gaba ɗaya, a riƙa matse na kusa kaɗan-kaɗan, a jira kamar rabin awa a auna, har kowane reshe ya nuna 55 ko sama. Akwai bawul masu daidaita kansu da zafi, in kuɗi ya kai su ne suka fi, amma ko da su sai ka auna reshe-reshe ka rubuta.

Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, balle tsoho ko jariri ko wanda ƙafarsa ba ta ji. Maganin ba rage zafin tanki ba ne, ko da yake abin da ake yawan yi kenan in an kai ƙara, wani ya je ya murɗa hita zuwa 45 ya ce ya gyara. Maganin shi ne bawul mai surkawa a bakin kowane famfo da maras lafiya yake taɓawa, irin mai tambarin TMV3, a saita shi 41 ga shawa da kwanon wanke hannu. Ya zauna dab da famfon, kada bututun da ke bayansa ya wuce mita 2, domin ruwan da ke wannan guntun kullum ɗumi ne. Bawul ɗaya babba a ɗakin tanki mai surka wa gini duka, wannan kada ka yarda da shi sam. Haka nan guntun da ya fito daga zagaye zuwa famfo, ruwansa ba ya juyawa, a gajarta shi iya iyawa. Ƙa'idar Jamus ta ce kada ya ɗauki fiye da lita 3, kuma milimita 22 yana cin kusan sulusin lita a kowace mita, ni dai a asibiti nakan ja zagayen har kusa da famfon. In an cire wani famfo kuma a yanke bututunsa tun daga tushe, ba a toshe bakinsa a bar shi cike da ruwa ba.

Ga kuma maganar ɗauke wuta, wadda ita ce tamu ta gida. Ruwan da ke cikin bututun zagayen gaba ɗaya bai fi lita 120 ba, kuma yana zubar da kilowat 2.5, don haka in inji ya tsaya zai faɗi wajen digiri 15 cikin awa ɗaya, ya shiga yankin da ƙwayar take so. Amma in hita ta mutu inji na ci gaba da juyawa, lita 1,500 na tanki ne suke ɗaukar asarar, faɗuwar ba ta fi digiri 1.5 a awa ba matuƙar ba a jan ruwa. Saboda haka ko ba za a iya sa hita a inbata ba, a sa ɗan injin nan, sannan a ɗora aƙalla hitar tanki ɗaya a layin janareta. Kada kuma a sa masa agogon kashewa da dare don tsimin wuta. In wuta ta daɗe ba ta nan har tanki ya huce, a dawo da shi 60 gaba ɗayansa ya yi awa 1 a haka inji yana zagayawa kafin a bar mutane su shiga shawa. Ƙasan tanki ma yana son kulawa ko da wuta tana nan, don can ne ruwan sanyi yake shigowa ya zauna da ɗumi, sai a sa wani ƙaramin inji mai ɗebo ruwa daga sama zuwa ƙasa na awa 1 kowace rana a tsakar dare. Masu haɗawa da hita mai aiki da rana, abu ne mai kyau yana rage kuɗi, amma ruwanta ya bi ta cikin tankin 60 kafin ya tafi gini, kuma tankinta shi ma a riƙa kai shi 60, don ranar hazo a digiri 35 zuwa 45 yake yini.

Ruwan sanyi fa? Ƙa'idar ta ce ƙasa da digiri 20, kuma gaskiya a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri baƙin tankin roba a kan hasumiya ya wuce 30 nesa ba kusa ba. Abin da ke hannunka shi ne ka yi wa tankin rumfa da riga da murfi mai rufuwa, kada ya ɗauki fiye da ruwan yini guda, ka raba bututun sanyi da na zafi a cikin silin shi ma ka naɗe shi, sannan a tabbatar akwai ragowar kulorin a ruwan har famfon ƙarshe. Ruwan burtsatse mai zartsi kuma yana tara farin dutse a jikin hita da kan shawa, ƙwayar tana ɓuya a ciki, hitar kuma ƙarfinta yana raguwa.

Ranar miƙa aiki ka bar musu littafi da ma'aunin zafi. Duk wata a auna fita da dawowa a kowane tanki, da famfo mafi kusa da mafi nisa, a jikin bututun zafi kafin bawul mai surkawa, don bayansa 41 za ka gani kullum. Duk wata uku a kwance kan shawa da tiyonsa a wanke a cire dutse. Duk shekara a buɗe tanki a duba ciki. Famfon da ba a cika amfani da shi ba, kamar na ɗakin gefe da ya kwana biyu ba kowa, a sake shi ya zuba sau biyu a mako, a ɗakin masu tsananin ciwo kuma kullum. In wata rana dawowa ta nuna ƙasa da 55 alhali fita tana 60, fara da taɓa injin ka ji ko yana juyawa, sai ka saki iska a saman layin, sai ka buɗe rariya ka ga ko ta toshe, in duk waɗannan lafiya suke to ɗauki tocila ka hau silin ka bi rigar bututun mita-mita.